Kafin ki tura wa yayar mijinki saƙon bazde a guruf ɗin dangi

Tambaya: Salam. Don Allah a duba min wannan, yayar mijina ce za ta yi bazde jibi, ina so in saka a guruf ɗin dangi da sitatus, amma gabana na faɗuwa kar a ce na yi mata habaici don bara aurenta ya mutu kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Ga abin da na rubuta: "Barka da haihuwa Anti! Yau kin cika 40 amma har yanzu kina nan da kyanki. Ke ce kashin bayan gidanmu. Allah ya kare ki ya baki hakuri da lafiya. Bazamu taba mantawa da alherinki ba 😭🙏" Ya ake gane inda magana za ta iya juyewa?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kar ki tura shi a haka. Zuciyarki fes take, wannan a bayyane yake, amma kusan kowane layi a saƙon nan yana da wata fuska ta biyu, kuma guda biyu daga ciki idan suka shiga guruf ɗin dangi sai an shekara ana maganarsu a gidan suna. Aikina gyaran rubutun Hausa ne kafin a kai maɗaba'a, katin biki da kalanda da irin su saƙon taya murna da ake bugawa a kan bana ta ratayewa, to bari in bi miki shi yadda nake bin na kwastoma.

Abin da ke sa mai rubutu ba ya ganin kuskurensa shi ne, ke lokacin da kike karanta saƙonki ba haruffan kike karantawa ba, muryarki kike ji a ka, da karin sautinta da inda kika ja wasali da murmushin da kike yi, ita kuwa Anti babu abin da zai isa wayarta sai baƙaƙen kawai. Rubutun boko na Hausa ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna dogon wasali da gajere, sannan yawancinmu a waya mun yar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, mun kuma saba manne kalmomi. Kin ga kenan abu uku ko huɗu da ke raba ma'ana da ma'ana a baki duk sun zube kafin saƙo ya tashi, sai mai karatu ya cike gurbin da abin da ke ransa. Wadda aurenta ya mutu bara kuwa kin san abin da ke ranta.

Fara da layin farko don shi ne mafi nauyi. "Barka da haihuwa" gaisuwar maijego ce, ita ake yi wa wadda ta sauka, a amsa da barka kadai, a ce Allah ya raya. Ba gaisuwar bazde ba ce ko kaɗan, mutane ne ke gajarta "barka da zagayowar ranar haihuwa" don ƙiwar taipin har ta koma haka. To ki haɗa shi da abin da ya biyo baya, "yau kin cika 40", babu kalmar shekara a ciki. A gidan Bahaushe idan aka ambaci haihuwa aka ambaci arba'in a numfashi ɗaya ai wankan jego ne ke zuwa wa kowa a rai, maijego ta yi arba'in za ta fita yawon gaishe-gaishe. Wato layinki biyu na farko, idan wata gwaggo ta karanta su ba tare da ta san ranar bazde ba ce, saƙon barka ne cikakke ga mace mai jego, kuma kin aika wa matar da ba ta taɓa haihuwa ba, a gaban dangin mijinki. Ko ita Antin ta gane nufinki, akwai wadda za ta bi ta ta bayan fage ta ce kin ga abin da matar ƙaninki ta rubuta kuwa? Ko "ranar haihuwarki" ma tana da ɗan wannan matsalar don ana iya jin ta a matsayin ranar da za ki haihu, sai dai yawan amfani ya sa kunne ya saba, ga kowa ina barinta, amma ga Anti ni zan rubuta "ranar da aka haife ki" ne, ya fi tsawo da kalma uku amma ba shi da ƙofar baya.

Sannan ki tambayi kanki ko lambar ma dole ce. Ita ta taɓa faɗin shekarunta a guruf ɗin? Idan ba ta taɓa ba, ba ke za ki yi mata shela ba, musamman yanzu da take gida kuma wataƙila akwai masu neman aurenta da labari zai iya kai musu ta sikirinshot. Cire 40 ɗin gaba ɗaya. Idan ita da kanta ta buga "40" a kek da balan-balan to shikenan, sai ki rubuta "shekara 40" cikakke.

Kalmar "cika" ita ma ki riƙa sa mata ido a duk saƙon bazde. A naki da kika ce "kin cika" ba a ga mutuwa ba tunda da ita kike magana, sai dai idan sanarwar da ke leƙowa a saman waya ta yanke a "Anti yau kin cika…" mutum zai zaci ƙorafi ne ke tafe, irin kin cika faɗa, kin cika son girma. Amma a sitatus mutane kan juya zuwa "yau Antinmu ta cika shekara kaza", a ɗora a ƙasan hoto, layi ya karye daidai bayan "ta cika", wanda ke wucewa da sauri ya ga hoton mace da "yau Antinmu ta cika" da fuskar kuka a ƙarshe, wallahi sai ya fara salati ya kira waya. Na ga irin wannan a kan wata bana ta ratayewa da aka yi wa wani dattijo, mai dizain ya sa "BABA YA CIKA" da manyan baƙaƙe a sama, "shekara 70" da ƙanana a ƙasan hoto, da ba a tare shi a furuf ba da an rataye sanarwar rasuwa a wajen walima. Don haka duk inda "cika" ta fito, ki tabbata "shekara" na manne da ita a layi ɗaya, ko ki sake ginin jimlar.

Yanzu wanda zai ba ki dariya da kunya lokaci guda. Kin so ki ce ƙashin baya, wanda ke riƙe da jiki. Kin rubuta "kashin bayan gidanmu". Karanta shi a hankali yadda yake a rubuce, kashi, sai bayan gida. Yaran guruf ɗin nan 'yan sakandare minti ɗaya ba za su yi ba za su gano shi, kuma daga ranar sunan Anti ya canza a bakinsu. Nan wasu za su ce ai sai a sa ƙugiya magana ta ƙare, to ba ta ƙare ba. Ko kin sa ƙ, "bayan gidanmu" yana nan daram, kunne zai haɗa su ko ido bai haɗa ba, ballantana idan yaro ne ke karanta wa Hajiya saƙon da ƙarfi a tsakar gida. Kuma ƙugiyar ba kullum take isa inda aka aike ta ba, ƙananan wayoyi masu madanni da yawa akwati suke nunawa a gurbin ƙ, wasu salon rubutun da masu dizain ke so ba su da harafin sam sai su mayar da shi k, mai rubutu a kan kek kuwa da hannu yake yi, ɗan lanƙwasan nan shi ne farkon abin da ke narkewa. Ƙa'idar da nake bi ita ce, idan ma'anar jimla ta rataya ne a kan ƙugiya ɗaya tak, kuma faɗuwar ƙugiyar zai haifar da abin kunya, ba gyara harafin nake yi ba, kalmar nake canzawa. Ki ce jigo, ki ce bango abin jingina. Kuma ni da zan bar "gida" ma in ce "dangi", don macen da ta dawo gida bayan mutuwar aure idan aka ce ita ce ginshiƙin gidan, tana iya jin kamar ana ce mata ta zo kenan ta kafe.

"Allah ya kare ki" daidai kika rubuta, k ɗin nan ba shi da ƙugiya. Na tsaya a kansa ne saboda abin da zai faru idan kika ji shawarata rabi, kika sauke kibod ɗin Hausa kika bi saƙon kina liƙa wa kowane k ƙugiya, ko kibod ɗin ya zaɓa miki da kansa, sai ki wayi gari kin rubuta "Allah ya ƙare ki". Wannan kuskuren na masu ƙoƙarin gyara ne, na fi ganinsa ma a rubutun waɗanda suka damu da ƙa'ida. Tsare ko kiyaye sun fi kwanciyar hankali, babu harafin da zai zame ya mayar da addu'a tsinuwa.

Batun manne kalmomi, "ya baki" da kika rubuta ba zai kawo fitina ba don kowa ya saba, amma ki raba shi, ba ki. Inda manne yake kisa shi ne wajen maza masu rubuta wa matansu. Miji ya so ya ce "na sa ki a raina", ya manne ya rubuta "na saki a raina", ko yatsa ya zame daga "na saka ki" zuwa "na sake ki", a ranar bazde, a rubuce, ga kwanan wata ga lokaci. Ko da an yi dariya an wuce, ba kalmar da mace ke son gani daga lambar mijinta ba ce. Haka alamar nan ta 'y, 'ya da ya, 'ya'ya da yaya, in kika yar da ita "'ya'yana" ya koma "yayana". Idan kin gama rubutu ki bi duk inda aikatau ya haɗu da ki, ka, mu, ta, ki raba su, sai ki duba ko manne ɗin da kika yi ya haifi wata kalma daban mai zaman kanta, nan ne haɗarin yake.

To mu zo kan addu'a, nan ne mutanen kirki suka fi yin ɓarna don gani suke addu'a ai ba ta laifi. Tana yi, saboda kowace addu'a a Hausa tana da wajen da aka saba jin ta, kuma tana tafe da ƙanshin wajen. "Allah ya ba da haƙuri" ta zaman makoki ce da jaje. "Allah ya ba da lafiya" ta dubiya ce, a bakin gadon asibiti ake yin ta. Ke kin haɗa su biyun kin miƙa wa Anti a ranar murnarta, abin da za ta ji shi ne kina mata jajen mutuwar aure a bainar jama'a, ko kuma, idan dama ana cewa tana da zafi, kina cewa rashin haƙurinta ne ya kashe auren. Ki lura da bambancin "ba" da "ƙara". Idan kika ce Allah ya ba ki abu, kin nuna babu shi. Idan kika ce Allah ya ƙara, kin shaida akwai. Allah ya ƙara lafiya gaisuwar mai lafiya ce, Allah ya ba da lafiya ta majinyaci. Amma "ƙara" ma ba ta wanke komai, Allah ya ƙara haƙuri da Allah ya ƙara hankali duk suna cizo, haƙurin nan dai ki cire shi kwata-kwata.

Akwai wasu da ba ki sa ba amma na san hannu na ƙaiƙayin sa su, kuma tabbas wani a guruf ɗin zai sa: Allah ya kawo na gari, baɗi war haka kina ɗakinki, Allah ya kawo rabo. Bar su su faɗa, ke kar ki faɗa. Daga bakin mahaifiyarta addu'a ce, daga bakin matar ƙaninta da ke zaune a ɗakinta da yaranta gori ne, ko ba ki nufa ba. Haka "Allah ya shirya", "Allah ya kyauta", "Allah ya sawwaƙe", babu ɗayansu da ke da gurbi a saƙon murna. "Allah ya sa a gama lafiya" da "Allah ya sa mu cika da imani" addu'o'i ne masu girma, dattijo ɗan 80 zai ce amin da farin ciki, amma ga wanda ke fama da jinya ko matashiya kamar Anti sai su yi kama da bankwana. "Allah ya saka" kuma kar ki taɓa barin ta tsirara, ki cike ta da "da alheri", don "Allah ya saka miki" kaɗai ana faɗa wa wadda aka zalunta ne, sai a ɗauka tsohon mijin kike wa shaguɓe, ki jawo wa kanki shari'ar da ba taki ba. Wani abin dariya da maza ke yi wa junansu, a rubuta wa mai mata ɗaya "Allah ya ƙaro wata", ana nufin wata shekarar, matarsa tana cikin guruf tana karantawa.

Sai ƙananan kalmomin nan da ba a ɗauke su komai ba. "Amma har yanzu kina nan da kyanki." Cire "amma har yanzu" ki ga, kina nan da kyanki, yabo ne. Mayar da su, ya zama ai a shekarunki ya kamata a ce kin tsufa kin lalace sai ga shi ba ki gama ba. Amma, har yanzu, duk da, ko ba komai, a ƙarshe dai, wannan karon, su ne ke ɗauke da gugar zana a Hausa, ko wace uwar habaici da su take aiki. Haka dai da ma da kam da fa, "Allah dai ya ƙara lafiya" ba ɗaya ba ne da "Allah ya ƙara lafiya", na farkon kamar akwai maganar da aka haɗiye. Yadda nake gwadawa, in cire kalmar in sake karantawa, idan jimlar ta tsaya da ƙafarta ba tare da ita ba, to dama ba aikin alheri take yi a wajen ba.

Layin ƙarshe, "ba za mu taɓa mantawa da alherinki ba" da fuskar hawaye da hannuwa a haɗe. Wannan salon ta'aziyya ne tsaf, wanda ya tafi ake cewa ba za a manta da shi ba. Fuskar 😭 ku matasa kuna sa ta idan abu ya taɓa muku zuciya ko ma idan dariya ta ci ƙarfinku, su Hajiya da Kawu kuka kawai suke gani. Ki mayar da yabon zuwa yanzu, muna jin daɗin zama da ke, kina riƙe da mu. Kuma hoton da za ki sa ya zama mai launi tana dariya, ban da fari da baƙi, ban da wanda aka yi wa dishi-dishi a gefe, kar kuma ki ɗora masa sautin wa'azi ko waƙa mai sanyin nan da ake sa wa hoton mamaci, mutane da yawa hoto da sauti suke fara ɗauka kafin su karanta ko kalma ɗaya.

Wasa kuma, na ga ba ki sa ba, kin kyauta. Zolaya a Hausa tana da masu ita, jika da kaka, taubasai, mata da ƙannen miji, Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi. Jika zai rubuta wa kakarsa "tsohuwa kin ƙi tafiya kin bar mana gado" a yi ta dariya har ita ta rama. Yayar miji ba abokiyar wasanki ba ce, ɓangaren surukai take, girmamawa ce tsakaninku ko da kuna hira kuna shewa a ɗaki. Kuma ko da abokin wasa ne, wasan da ya yi daɗi a baki ba lallai ya yi a rubuce ba, wanda ya yi a saƙon ku biyu ba lallai ya yi a guruf mai mutum hamsin ba, don a guruf akwai surukai da baƙin aure da ba su san alaƙar ba, zagi kawai za su gani. Karin magana ma haka, mutane na son rufe saƙo da ita don ya yi armashi, sai a ɗauko "komai nisan dare gari zai waye" ko "mahaƙurci mawadaci", to ai duk wanda aka yi wa waɗannan an ce yana cikin dare kenan. Kafin ki sa karin magana ki tuna a wane irin zama kika saba jin ta, idan wajen ba da baki ne ko rarrashi, ba ta bazde ba ce.

Yadda za ki duba da kanki nan gaba, ba wani dogon aiki ba ne. Idan kin gama rubutawa ki ajiye wayar ki yi wani abu, ko girki ne ko salla, don muryar nan da ke kanki ta ɗan yi shiru, tunda jibi ne ma kina da lokaci ki bar shi ya kwana. Sai ki tura wa kanki a WhatsApp, yana bari mutum ya aika wa lambarsa saƙo, a nan za ki ga inda layuka ke karyewa. Ki karanta da ƙarfi, a hankali, da murya shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba sauka kamar ɗan firamare na koyon karatu, kina furta abin da ke rubuce ba abin da kika nufa ba, inda babu ƙugiya kar ki sa ta da baki. Kashin bayan gida da a nan kika kama shi. Ni nakan kuma fara daga jimlar ƙarshe in yi sama, don idan ka bi daga farko labarin ne ke jan ka, idan ka bi ta baya kowace jimla tsayawa take ita kaɗai, kuma ita kaɗai ɗin ce za a yanko a sikirinshot. Bayan haka ki rufe komai da yatsa ki bar kalmomi biyar ko shida na farko, su ne ke leƙowa a saman waya, ki tambayi kanki wanda ya ga su kaɗai da hoton me zai zata, murna, rasuwa, haihuwa ko faɗa.

Karatun da ya fi kowanne amfani shi ne na ƙarshe, kuma ba daɗi gare shi ba. Ki zaɓi mutum ɗaya a guruf ɗin da kika san ba ta ƙaunarki, kowa na da irinta a dangin miji, ki ari idonta ki karanta saƙon kina neman abin da za ki kai gaba. Duk layin da ta samu abin kamawa a ciki, gyara shi. Sannan ki karanta a matsayin Anti, ba Antin da ke dariya a biki ba, Antin da ta kwana tana tunani. Ki lissafa wa kanki abubuwan da ke mata ciwo, aure, haihuwa, shekaru, zaman gida, ƙila da kuɗi ko ƙiba, ki ga ko akwai kalmar da ta gifta kusa da ɗaya daga ciki, ko da ta hanyar yabo ne. Misali da yawa za su rubuta "kin riƙe 'ya'yanmu kamar naki" suna ganin sun gama yabo, alhali sun tuna mata ba ta da nata. Idan za ki nuna wa wani kafin ki tura, mutum ɗaya ya isa, wanda ya san gidan, kuma kar ki ce "ya yi kyau?" don kowa zai ce ya yi, ki ce "me kika fahimta a nan?" ki yi shiru ki ji. Mijinki zai iya, amma maza sau da yawa ba sa jin habaicin mata ko an yi shi da gangan, ƙanwarsa da kuke shiri da ita ta fi.

Kar kuma tsoro ya sa ki goge komai ki bar HBD da LLNP kawai, daga matar ƙani zuwa yayar miji wannan ma magana ce, za a ce ko gaisuwar kirki ba ki iya yi mata ba. Ga yadda ni zan mayar da naki:

"Anti, ina taya ki murnar zagayowar ranar da aka haife ki. Tun da na shigo dangin nan kike ja na a jiki, kina ba ni shawara, ina jin daɗin zama da ke ƙwarai. Ke jigo ce a cikinmu. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana mai albarka, ya ƙara buɗi, ya tsare ki, ya saka miki da alheri. Allah ya maimaita mana."

Gwada shi da gwajin ƙugiya, cire su duka: kara lafiya, kara budi, dadin zama, kwarai, babu wanda ya koma abin kunya. Kalmomin farko kuma "Anti, ina taya ki murnar" ne, ba mai ganinsu ya tsorata. Idan a gidanku "ku" ake ce wa manya to ki mayar da shi ku daga farko har ƙarshe, kar ki fara da ku ki ƙare da ke, kuma idan kin kwafo wani yanki daga saƙon da kika taɓa yi wa namiji ki bi ka da ki ɗaya bayan ɗaya, "ya saka maka" a tsakiyar saƙon mace shi ke tona cewa kwafe ne. Inda na ce tana ba ki shawara, in akwai wani abu takamaimai da ta yi miki wanda ba sirri ba ne kuma bai shafi haihuwa ko rikicin aure ba, sa shi a gurbin, ya fi kowane kirari.

In kuma wata rana ya riga ya fita kafin ki gani, WhatsApp na ba da minti 15 a gyara saƙo, zai nuna Edited a gefe amma ba ya nuna abin da aka canza. Bayan nan sai Delete for everyone, wanda ke aiki har wajen kwana biyu, sai dai yana barin alamar an goge saƙo, a guruf ɗin dangi kuwa alamar nan kaɗai ta isa a fara tambayar me ta rubuta. Rubutun sitatus ba ya gyaruwa, sai ki sauke ki sake ɗorawa. Idan kuskuren harafi ne irin na ƙashin baya, gyara ki yi dariya tare da su ki wuce, dogon bayani ƙara masa rai yake. Idan kuwa ya taɓa inda ke ciwo ne, irin barka da haihuwar nan, kar ki ba da haƙuri a guruf don waɗanda ba su lura ba ma yanzu za su koma su karanta. Ki gyara shiru, ki kira Anti a waya ko ki je da kanki ki gaishe ta, ki faɗa mata abin da kika so rubutawa.

Wani abu kuma idan ta SMS za ki tura wa wani dattijo mai ƙaramar waya, saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar kin sa ƙ ko ɗ ko fuskar dariya guda ɗaya sai ya koma 70, dogon saƙo ya rabu gida-gida, wani lokacin wani yanki ya makara ko ya ɓace a hanya. Ga irin wannan wayar ki rubuta gajere, ba ƙugiya ba fuska, da kalmomin da ko babu ƙugiya ma'anarsu ɗaya ce.